Martani: Sashen Wanda Ya Tafi Ba Ya Rabuwa Huɗu

Ekspoze aiki ne da malamai kan ɗora wa ɗaliban koleji da na lise a Nijar. Akan ba ɗalibai huɗu ko biyar batu guda, su yi bincike, su rubuta shi da gabatarwa da sassa da kammalawa, sannan ranar da aka yanke su tsaya gaban allo su karanta da Faransanci. Idan sun gama ƴan aji su yi tambayoyi, malami ya ba da maki bisa 20, kuma sau da yawa makin guda ne ga rukunin gaba ɗaya. A Filinge da ƙasar Kurfey ba baƙon abu ba ne a wayi gari ɗaya daga cikin rukunin ba ya nan, ana saura kwana uku ko huɗu. Shekarar karatu tana buɗewa a watan Oktoba, daidai lokacin girbin hatsi, kuma da an kammala girbi samari kan fara haramar cirani zuwa Yamai ko Najeriya ko ƙasashen gaɓar teku. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai ɗalibar da aka sa wa ranar aure, akwai ɗan ƙauye da zama ya gagara tsakaninsa da mai masaukinsa a gari. Ga kuma rashin tsaro, wanda ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi ya tayar da iyalai daga gidajensu. Mafi yawan masu fita daga rukuni a wannan yanki dole ce ke fitar da su.

Wani marubuci da ya yi sharhi kan aikin rukuni ya kawo shawara a kan wannan hali, kuma ita ce ake mayar wa martani a nan. A ganinsa, da zarar ɗaya ya fita, sai a datsa sashensa daidai wa daida tsakanin waɗanda suka rage, domin tunda maki guda za a samu, bai kamata kayan wani ya fi na wani nauyi ba. Ya kafa hujja da aikin gayya, inda idan mutum ya ajiye hauya sauran kan raba layukansa a gama kafin azahar, ya kuma jawo karin maganar nan cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ya ƙara da cewa idan ana iya samun wani daga waje ya maye gurbin, to ya fi. Niyyarsa ta adalci ce, kuma adalci abin kulawa ne a nan. Amma shawarar ba ta dace da irin wannan aiki ba, kuma rukunin da ya bi ta yakan ƙare da wahala mai yawa da maki kaɗan.

Kuskuren yana cikin kwatancen kansa. Layukan gona iri ɗaya ne. Wanda ya nome layi na goma ba ya buƙatar sanin abin da ya faru a layi na tara, kuma idan aka jera aikin mutum huɗu, gonar ta nomu. Sashen ekspoze kuwa ya fi kama da igiyar guga: idan aka yanka ta huɗu aka miƙa wa kowa guntu, tsawon yana nan a lissafi, amma babu guntun da zai taɓa ruwa sai an sake ƙulla su, kuma kowane ƙulli wuri ne da zai iya kwancewa. Sashe mai ɗauke da labari ko hujja yana tafiya ne daga sanadi zuwa sakamako. Ba a iya fahimtar rubu'insa na uku ba tare da na farko da na biyu ba.

A ɗauki misalin rukunin ɗalibai biyar a wata lise, waɗanda malamin tarihi ya ba su batun ƴan Hauka da turjiya ga mulkin mallaka a Kurfey, da minti 25 na magana, minti biyar ga kowa. Na farko yana da gabatarwa da bayanin ƙasar: Kurfeyawa, kwarin Dallol Boso, garin Filinge mai nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Na biyu yana da zuwan Faransawa, da haraji, da aikin tilas, da sarautar kanto da suka ɗaure wa gindi. Na uku yana da zuciyar labarin: yadda a 1925 wata mata mai suna Shibo, daga Shikal, ta fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon soja da manyan Turawa, yadda mabiya suka taru a kanta, waɗanda ake kuma kira Babule, da yadda suka bijire wa ikon sarki Gado Namalaya. Na huɗu yana da martanin hukuma: kamun da kwamandan Yamai, Crocicchia, ya yi musu, da tsarewa, sannan korar shugabanninsu daga ƙasar a rikicin da ya kai har 1927. Na biyar yana da yaɗuwar abin tare da ƴan cirani zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, da fim ɗin Jean Rouch mai suna Les Maîtres fous da aka ɗauka a Akara, da kuma kammalawa. Ranar magana Alhamis ce. Ran Litinin da safe sai aka ji mai sashe na uku ya bi mota ranar kasuwa, kuma ba zai dawo a wannan mako ba.

Bisa shawarar marubucin, minti biyar na sashe na uku za su rabu huɗu, kowa ya samu minti ɗaya da daƙiƙa 15. A takarda wannan ƙaramin ƙari ne. A aikace kuwa, wanda aka ba bayanin sunayen iskokin ba zai gane dalilin da ya sa suke ɗauke da muƙaman soja ba sai ya karanta yadda Shibo ta fara, wanda aka ba rikici da sarki kuma ba zai iya bayyana shi ba sai ya san su wane ne mabiyan. Saboda haka kowane ɗaya daga cikin huɗun dole ne ya karanta sashen gaba ɗaya kafin ya rubuta rubu'insa. Idan karatun da fahimtarsa suna cin awa uku, rukunin zai kashe awa 12 a kan abin da mutum ɗaya zai gama a awa uku. Maimakon aikin ya rabu huɗu, sai ya ninku huɗu. Kuma a gari irin Filinge yawanci takardar da aka dogara da ita ɗaya ce, ko ƴan shafukan da malami ya ara, ko hoton shafi a cikin wayar mutum guda. Dare uku ne kawai suka rage, kuma ba kowa ke da fitilar karatu a masaukinsa ba. Takarda ɗaya ba za ta kwana a gida huɗu ba.

Matsala ta biyu tana fitowa ne a gaban allo. Idan ana so labarin ya tafi bisa tsarinsa, dole masu magana su yi ta sauyawa: ko an yi dabarar ba na biyu guntun farko, na huɗu guntun ƙarshe, sai an sauya murya sau uku a cikin minti biyar, a daidai wurin da ya kamata aji ya natsu ya bi labarin. Idan kuma aka guje wa wannan, kowa ya liƙa guntunsa a jikin nasa sashen, to tsarin tarihi ya rushe, domin mai gabatarwa zai ambaci iskoki kafin a ji zuwan Faransawa, mai kammalawa kuma zai koma 1925 bayan an riga an kai Akara. Malamin da ya saba yana gane ekspozen da aka yi wa irin wannan faci tun kafin a kai rabi. Zai ji an maimaita abu guda sau biyu da kalmomi daban. Zai ga sunan mutum ɗaya da rubutu iri biyu a takardar da aka miƙa. Zai ji wani ya ce fim ɗin na 1954 ne, wani ya ce na 1955, alhali duka biyun suna da tushe, ɗaya shekarar ɗauka, ɗaya shekarar fitowa, sai dai babu wanda ya zauna ya daidaita su. Zai kuma ji an ce abokin magana zai yi ƙarin bayani a gaba, har a gama ba a ji bayanin ba.

Mafi muni shi ne lokacin tambayoyi. A batu irin wannan kusan tabbas ne wani a aji zai tambaya ko Hauka addini ne ko tawaye, kuma amsar tana cikin sashe na uku. Sashen da ya zama na kowa ba shi da mai shi. Sai huɗun su kalli juna, kowa yana tsammanin amsar tana cikin guntun wani. Akwai kuma batun harshe, wanda marubucin bai kula da shi ba ko kaɗan. Ɗaliban suna tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci, suna magana da Faransanci. Wanda ya fahimci labari gaba ɗaya yana iya sake faɗinsa da nasa kalmomi idan an tare shi da tambaya, ko da Faransancinsa na da rauni. Wanda aka miƙa wa layi takwas daga tsakiyar tunanin wani, ba abin da ya iya sai karanta su yadda suke.

Shawararsa ta biyu, ta kawo sabon mutum, ita ma ba ta tsira ba idan lokaci ya ƙure. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara yana ƙara masa makara, domin sabon zuwa sai an koya masa, kuma masu koya masan su ne waɗanda ya kamata su duƙufa kan aikin. Haka abin yake a ƙaramin rukunin ɗalibai. Sabon ɗalibi bai karanta komai a kan batun ba, bai san tambayar da gabatarwa ta kafa ba, kuma daren Litinin zai ƙare a yi masa bayani. Idan saura mako biyu ne, kuma malami ya yarda, ana iya yin haka. Idan saura kwana uku ne, asara ce.

Hanyar da ta fi dacewa tana farawa da abu biyu da ya kamata a gama tun ran Litinin. Na farko shi ne a tabbatar da labarin a kuma karɓo abin da mai tafiyar ya bari. Ɗaya daga cikin rukunin ya je gidansu ko wurin mai masaukinsa ya nemi littafin rubutunsa da takardun da aka ba shi, idan kuma ana samunsa a waya, a roƙe shi ya turo hoton shafukan ko ya yi bayani da murya. Rukunoni da yawa kan ɓata kwana guda cur suna jira ko zai dawo, alhali ko rabin shafi na rubutunsa ya fi jiran amfani. Na biyu shi ne a je wurin malami a ranar, ba safiyar Alhamis ba. Akwai tambayoyi uku da shi kaɗai ke da amsarsu: ko zai ɗaga ranar, ko zai yarda a rage minti ko a taƙaita batun, da kuma yadda za a yi da sunan wanda ya tafi. Ɗalibai kan ji nauyin zuwa, suna ganin kamar kai ƙara ne. Ba ƙara ba ce. Malamin da aka sanar da wuri yana da damar sassautawa, wanda aka sanar a bakin ƙofar aji kuwa ba abin da zai gani sai uzuri.

Daga nan sai a gwada sashen da ya rasa mai shi, a ga ko ƙashin bayan aikin ne ko reshe. Gwajin mai sauƙi ne: a karanta ƙarshen sashen da ke gabansa da farkon wanda ke bayansa a jere, kamar babu komai a tsakani. A misalin nan, na biyu ya ƙare da nauyin haraji, na huɗu ya fara da kamun mabiyan Shibo. Duk mai sauraro zai ce wace ce Shibo, me ta yi. Wannan sashe ba ya yarduwa. Da a ce mai sashe na biyar ne ya tafi, labarin Kurfey zai tsaya da ƙafarsa ba tare da Akara ba, sai a taƙaita yaɗuwar a jimla biyu ko uku cikin kammalawa, a gyara taken, a wuce. Marubucin bai ambaci yankewa ba sam, kamar dai duk abin da aka tsara a farko wajibi ne a faɗe shi. Ekspoze mai sassa huɗu da aka fahimta ya fi mai biyar da ɗaya ya zama kame-kame.

Idan sashen ƙashin baya ne, sai a miƙa shi ɗungurungum ga mutum ɗaya, kuma mutumin shi ne maƙwabcinsa a cikin aikin, ba lallai wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji ba. A nan mai sashe na huɗu ne, domin ba yadda za a yi ya rubuta labarin kamu ba tare da ya karanta su wa aka kama ba. Shafukan da zai buƙata ya riga ya bi ta kansu, har ya san cewa ɗaya daga cikin iskokin, Kwamandan Mugu, ana danganta shi da Crocicchia ɗin da ke cikin nasa sashen. Abin da zai ci wani awa uku, shi zai ci masa ƙasa da haka.

Adalcin da marubucin ke nema yana samuwa ne ta hanyar gusar da kaya daga hannu zuwa hannu. Mai sashe na huɗu ya ɗauki labarin Shibo, an taƙaita shi zuwa minti huɗu, ya haɗa da minti uku na kamu da tsarewa, ya zama bakwai. Sauran minti biyu nasa, na korar shugabannin, su koma ga mai sashe na biyar, tunda nasa ya fara ne da fitar abin daga ƙasar, sai ya haɗa da minti uku na Gana da fim, ya zama biyar. Kammalawar da ke hannunsa ta koma ga mai gabatarwa, wanda shi ya kafa tambayar kuma shi ya fi cancanta ya rufe ta: ya rage bayanin ƙasa zuwa minti huɗu, ya ƙara biyu a ƙarshe, ya zama shida. Mai sashe na biyu ya tsaya a minti biyar ɗinsa, amma duk aikin hannu ya dawo kansa: kwafe aikin da kyakkyawan rubutu, zana taswirar da za a manna a allo, daidaita rubutun sunaye da shekaru, da riƙe agogo lokacin gwaji. Jimla minti 23. Kowa ya ɗauki ƙari, babu wanda ya ɗauki abin da bai san kansa ba, kuma labarin Shibo daga farkonsa har gidan kaso yana fita daga baki ɗaya.

Akwai ƙananan gyare-gyare da akan manta, kuma su ke fallasa rukuni. Gabatarwa takan ƙare da sanar da tsarin aikin, wato za a yi magana kan kaza, sannan kaza. Idan an haɗe sassa ko an yanke ɗaya, dole a sake wannan sanarwar, haka ma tsarin da za a rubuta a allo da jerin sunayen da ke bangon takarda. Dole kuma kowane mai magana ya sake jimlarsa ta ƙarshe, wadda yake miƙa magana da ita ga na gaba. Daren Talata na rubutu ne. Yammacin Laraba na gwaji ne, a tsaye, da murya sama, da agogo, sau ɗaya aƙalla daga farko har ƙarshe, sannan sauran ukun su yi wa sabon mai sashen tambayoyin da suke tsammanin aji zai yi. Idan ya amsa ba tare da duba takarda ba, sashen ya samu mai shi. Idan ya kasa, akwai sauran dare guda na gyara.

Duk da haka akwai inda marubucin ya yi daidai, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Sashen da jeri ne kawai, wanda guntayensa ba su dogara da juna ba, yana rabuwa kamar layukan gona. Da batun na labarin ƙasa ne, kuma wanda ya tafi shi ke da bayanin kwaminoni huɗu na gundumar Filinge, wato Filinge da Imanan da Kurfey ta Tsakiya da Tondikandiya, to mutum huɗu suna iya ɗaukar ɗaya-ɗaya ba tare da wata ɓarna ba, matuƙar sun yarda a kan abubuwan da za a faɗa game da kowace. Haka kuɗin da aka tara na takarda da fotokofi: rabon wanda ya tafi ana raba shi daidai, ko dala nawa ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauki hukuncin da ya dace da jeri ya shimfiɗa shi a kan kowane irin sashe, alhali mafi yawan sassan da malaman tarihi da falsafa da adabi ke bayarwa labari ne ko hujja.

Hanyar gusar da kaya ita ma tana da iyaka. Tana buƙatar a ce maƙwabcin ya yi nasa karatun da gaske. Idan kwafe ya yi bai fahimta ba, maƙwabtakar ba ta da amfani, sai a duba maƙwabci na ɗaya gefen. Tana kuma buƙatar aƙalla dare biyu. Idan labarin tafiyar ya zo ne daren Laraba, babu wanda zai mallaki sashe kafin safiya, kuma abin da ya rage shi ne a rubuta gada ta jimla biyar ko shida, mai ɗauke da suna da shekara da abin da ya faru, mutum ɗaya ya karanta ta, mai gabatarwa kuma ya faɗa wa aji a fili cewa an taƙaita wannan sashe saboda rashin mai shi. A rukunin mutum uku da ya koma biyu, gusarwa ba ta isa ba, dole sai an yanke wani abu.

Saura batun suna. Marubucin ya ce a goge sunan wanda ya fita nan take, domin kada ya ci gumin wasu. Wannan hukunci ba na ɗalibai ba ne. Wanda zazzaɓi ya kwantar, ko wanda iyayensa suka tashi da shi daga ƙauyensu cikin dare, kuma ya bar shafi biyu da aka gina sashen a kansu, ya yi aiki, ko da bai tsaya gaban allo ba. Wanda bai rubuta komai ba tun farko, halinsa daban ne. Abin da ke kan rukunin shi ne ya faɗa wa malami gaskiyar abin da kowa ya yi, ba ƙari ba ragi, ya kuma rubuta a takardar cewa an yi amfani da rubutun wane idan an yi. Makin kuwa malami ne ke yanke shi.